Darasi: Gano tikar kamfani da kasuwar da ake cinikin hannun jarinsa

Kowane hannun jari da ake saye da sayarwa a kasuwar hannayen jari yana da gajeren laƙabi na 'yan haruffa, wanda dillalai ke kira tika. Da wannan laƙabi ake ba da odar saye, da shi ake lika farashi a allo, shi ne kuma ke fitowa a takardar shaidar ciniki da dillali ke aika wa mai saye. Kamfanin simintin Dangote, alal misali, tikarsa a kasuwar Legas DANGCEM ce. Ta bankin Jaiz JAIZBANK ce, ta kamfanin fulawa na Arewa da ke Kano kuma NNFM.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, ba kamfani ake raɗa wa tika ba. Ana raɗa ta ne ga wani nau'in hannun jari a wata kasuwa takamaimai. Ɗan kasuwan da ke da rumfa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna, yana kuma da wata a Kantin Kwari ta Kano, lambar rumfa biyu gare shi, alhali shi mutum ɗaya ne. Lambar da ke kan rumfarsa ta Kaduna kuwa, a Kano tana kan rumfar wani ne daban. Haka tika take. Kamfani ɗaya zai iya samun tika biyu ko uku, kuma tika ɗaya za ta iya nufin kamfanoni biyu da ba su haɗa komai ba. Don haka tika ba ta cika sai an ambaci kasuwarta.

Kasuwar da ake nufi a Nijeriya

Babbar kasuwar hannayen jari ta Nijeriya tana Legas. An kafa ta a 1960, aka fara ciniki a 1961, kuma reshenta na farko a wajen Legas a Kaduna aka buɗe shi, a 1978. Shekaru da dama ana taƙaita sunanta da NSE, sai a 2021 aka sauya tsarin mallakarta, sunan ya koma NGX. Sauyin yana da amfani ga mai bincike, domin haruffan NSE su ne kuma taƙaitaccen sunan wata babbar kasuwa ta Indiya, su ne na kasuwar Nairobi ta Kenya. Wanda ya rubuta NSE a wayarsa yana neman farashin Legas, sau da yawa farashin Indiya ne zai fito masa, a kuɗin rufi.

Akwai wata kasuwa ƙarama mai suna NASD, inda ake cinikin hannun jarin kamfanonin jama'a da ba su shiga NGX ba. Akwai kuma FMDQ, wadda ta fi ƙarfi a takardun bashi. Makwabtanmu na Nijar ba su da kasuwa tasu su kaɗai. Suna tarayya da wasu ƙasashe bakwai masu amfani da saifa a kasuwar BRVM da ke Abijan, inda bankin BOA na Nijar yake da tikar BOAN.

Daga sunan da ke kan buhu zuwa sunan rajista

Aikin neman tika yana farawa ne tun kafin a buɗe waya, da tambaya ɗaya: wane kamfani ne takamaimai? Sunan da mutane suka sani a titi sunan haja ne, ko sunan mai kamfani, kuma ba lallai ne ya zama sunan da aka yi rajista da shi a kasuwa ba.

Mai sayar da kayan gini a Rigasa, wanda kullum yake sauke buhunan siminti a ƙofar shagonsa, yana iya cewa yana son sayen hannun jarin Dangote. Dillali na ƙwarai ba zai karɓi wannan oda ba sai ya tambaye shi wanne. DANGCEM siminti ne, ya shiga kasuwa a 2010. DANGSUGAR sukari ne. NASCON kamfanin gishiri ne na rukunin, ko sunan Dangote babu a tikarsa. Kowannensu kamfani ne mai zaman kansa, da littafin lissafinsa da ribarsa da bashinsa. Uwar kamfanonin, wato Dangote Industries Limited, ba ta cikin kasuwar. Haka abin yake a rukunin BUA: BUACEMENT daban, BUAFOODS daban. Wannan ba kamfani ɗaya mai tika da yawa ba ne. Kamfanoni ne da yawa masu suna ɗaya, kuma bambancin yana da muhimmanci. Farashin siminti zai iya tashi a shekarar da kamfanin sukari ke tafka asara.

Ana samun cikakken sunan rajista a jikin buhu ko kwali, a ƙasan takardun kamfani, ko a bangon rahotonsa na shekara. Kamfanin Nijeriya da ke sayar wa jama'a hannun jari sunansa yana ƙarewa da Plc. Idan ya ƙare da Limited ko Ltd, galibi ba ya cikin kasuwa. Sai dai kalmar Plc ita kaɗai ba hujja ba ce cewa yana NGX, domin akwai masu ɗauke da ita da ke NASD, akwai kuma waɗanda ba sa ko'ina.

Da an samu sunan, sai a tafi shafin kasuwar kanta, ngxgroup.com, a duba jerin kamfanonin da aka yi wa rajista. A can ana ganin suna da tika da fannin sana'a a jere. Jadawalin farashi da kasuwar ke fitarwa kowace ranar ciniki shi ma yana ɗauke da tikoci. Wuri na biyu shi ne shafin kamfanin, a sashen da ya keɓe wa masu zuba jari, inda yake faɗin kasuwannin da yake ciki. In waɗannan biyun sun dace, magana ta kusa ƙarewa. Abin da bai kamata a dogara da shi ba shi ne hoton allo da aka turo a zauren sada zumunta, ko zato. Kamfanin siminti na Lafarge ya shafe shekaru da tikar WAPCO a Legas, daga tsohon sunansa, kuma babu mai iya cankar wannan da ka.

Lambar da ba ta bin kasuwa

Tun da tika tana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, duniya ta yi wa kowane hannun jari wata lamba ta daban mai suna ISIN. Gurabe goma sha biyu gare ta. Haruffa biyu na farko suna nuna ƙasar da aka ba da lambar, tara na tsakiya suna tantance hannun jarin, na ƙarshe kuma lamba ce ta tabbatar da cewa ba a yi kuskuren rubutu ba.

```
NGDANGCEM008   Dangote Cement
NGSEPLAT0008   Seplat Energy
GB00BKDRYJ47   Airtel Africa
```

Amfaninta a fili yake. Idan tika biyu suna da ISIN ɗaya, hannun jari ɗaya ne ake cinikinsa a wuri biyu. Idan ISIN ɗinsu ya bambanta, abubuwa biyu ne, komai kamannin sunayensu. Ba a buƙatar haddace ta. A kwafe ta a littafi kusa da sunan kamfani ya wadatar.

Misali cikakke: Airtel

A ɗauki mai shagon sayar da kati da cajin waya a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Yana ganin yawan katin Airtel da ke fita daga hannunsa, sai ya yanke shawarar mallakar wani abu a kamfanin. Ya rubuta Airtel a manhajar farashi, sai sakamako ya zubo masa: BHARTIARTL, AAF, AIRTELAFRI, wataƙila da wasu. Wanne ne nasa?

Kamfanin da ke ba shi layi a Nijeriya sunansa Airtel Networks Limited, kuma ba shi da tika, domin ba a cinikin hannun jarinsa a kasuwa. Mai rinjaye a cikinsa shi ne Airtel Africa plc, kamfanin da aka yi wa rajista a Birtaniya, wanda ke harka a ƙasashen Afirka goma sha huɗu, har da Nijeriya da Nijar da Chadi. Mai rinjaye a Airtel Africa kuma shi ne Bharti Airtel na Indiya. Hawa uku ke nan. BHARTIARTL tikar kamfanin Indiya ce, a kasuwar Indiya, kuma mafi yawan cinikinsa a can yake. Wannan ba shi ne abin da mai shagon yake nema ba.

Saura AAF da AIRTELAFRI. Airtel Africa ya shiga kasuwar Landan a watan Yuni na 2019 da tikar AAF, sannan ya shiga ta Legas a watan Yuli na shekarar da tikar AIRTELAFRI. Idan aka duba ISIN ɗin kowanne, GB00BKDRYJ47 za a gani. Hannun jari ɗaya ne, mai shi yana da ƙuri'a ɗaya a taron shekara da kaso ɗaya a ribar da aka raba, ko a Landan ya saya ko a Legas. Haruffan GB da ke farkon lambar suna kuma gaya wa mai shagon wani abu da tikar Legas ba ta faɗa ba: kamfanin na Birtaniya ne a doka, kuma abin da zai saya ba harkar Nijeriya kaɗai ba ce, rabo ne a harkar ƙasashe goma sha huɗu.

Wanne zai saya? Amsar tana ga dillalinsa. Dillalin da ke da lasisin hukumar SEC ta Nijeriya, kuma yake ciniki a NGX, AIRTELAFRI zai saya masa da naira, a ajiye hannun jarin a asusunsa na CSCS, kamfanin da ke riƙe da rajistar mallaka ta na'ura, ƙarƙashin lambarsa ta CHN. Sayen AAF yana buƙatar dillalin da ke da hanyar shiga Landan, da kuɗin fam.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne karanta farashi. A Landan yawancin hannayen jari da kwabon Ingila ake rubuta farashinsu, ba da fam ba, kuma alamar hakan a allo GBX ce ko GBp. Kwabo ɗari ne fam ɗaya. A ƙaddara, don lissafi kawai, allo ya nuna AAF a kan 150, ya nuna AIRTELAFRI a kan 2,500, kuma ana canjin fam ɗaya a naira 2,000. Wanda bai lura da kuɗin ba zai ce a Landan naira 150 ne, ya ɗauka ana cutar 'yan Legas. Wani zai ce fam 150 ne, wato naira 300,000, ya ɗauka a Legas ana rabon banza. Duk biyun kuskure ne. Kwabo 150 fam ɗaya da rabi ne, wanda ya kama naira 3,000. Kwatancen gaskiya tsakanin 3,000 ne da 2,500.

Ko bayan wannan gyara, tazarar naira 500 tana nan, kuma tana da dalilai. Mafi yawan cinikin wannan hannun jari a Landan ake yinsa; a Legas ana iya kwashe kwanaki farashin bai motsa ba, saboda ba a yi cinikin da ya kai ya motsa shi ba, don haka lambar da ke allo tana iya zama tsohuwa. NGX kuma ba ta barin farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi goma cikin ɗari a rana guda. Ga kuma canjin kuɗi, wanda ke sauyawa ba tare da jiran kowa ba. A ƙa'ida mutum zai iya saye a inda ya fi araha ya mayar da hannun jarin ɗaya kasuwar ya sayar, amma wannan aiki ne na takardu da kwanaki da kuɗin hidima, sannan sai an samu mai sayarwa a farashin da allo ya nuna. Ga mai ƙaramin jari, wannan tazara ba riba ba ce da ke jiran a ɗauka. Amfaninta gare shi shi ne ta nuna masa cewa farashin da ya gani a jaridar ƙasar waje ba shi ne zai biya ba.

Kamfanin mai da iskar gas na Seplat ma haka tsarinsa yake, sai dai shi ɗan gida ne da ya fita waje: ya shiga Legas da Landan tare a 2014, SEPLAT a nan, SEPL a can, ISIN ɗinsa kuma da NG ya fara. Uwar bankin Ecobank, mai hedikwata a Lome, tana kasuwa uku: ETI a Legas, ETI a Akara, ETIT a Abijan.

Inda kama ke yaudara

MTN ya fi Airtel saurin rikita mutum, domin nasa akasin wancan ne. MTNN a Legas kamfanin MTN na Nijeriya ne, wanda ya shiga kasuwa a watan Mayu na 2019. MTN a kasuwar Johannesburg uwar kamfanin ce ta Afirka ta Kudu. MTNGH a Akara na Ghana ne. ISIN uku ne daban-daban, riba uku daban-daban. Abin da ya fi wannan haɗari: a kasuwar New York, haruffan MTN na wani kamfanin Amurka ne mai suna Vail Resorts, wanda sana'arsa wuraren shaƙatawa ne a kan duwatsun ƙanƙara. Yanzu da manhajojin waya suke ba 'yan Nijeriya damar sayen hannun jarin Amurka, matashin da ya shiga sashen Amurka ya rubuta MTN ya danna saye, ya mallaki abin da bai da alaƙa da layin da ke wayarsa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa duniya ta koma taro ta manhajar Zoom, mutane sun yi ta sayen hannun jari mai tikar ZOOM, na wani ƙaramin kamfani ne daban, alhali tikar mai manhajar ZM ce. Sai da hukumar kula da kasuwar Amurka ta dakatar da cinikinsa, ta kuma ambaci wannan ruɗani cikin dalilanta. Maganin abu ne mai sauƙi: kafin a danna saye, a karanta cikakken sunan da ke ƙarƙashin tikar, da sunan kasuwar, da kuɗin da aka rubuta farashin.

Sauran dalilan yawan tika

Wani lokaci kamfani yana kai kansa kasuwar waje ba tare da kai ainihin hannun jarin ba. Wani banki ne zai riƙe hannayen jarin a gida, ya fitar da takardar shaida a madadinsu, wadda ake kira GDR, ko ADR idan a Amurka ne. Takardar tana da tikarta da ISIN ɗinta, kuma ba lallai ta yi daidai da hannun jari ɗaya ba. Bankin Zenith ya shigar da irin wannan takarda a Landan a 2013, kowace ɗaya a madadin hannun jari hamsin, kuma da dala ake farashinta. Mai son kwatanta ta da ZENITHBANK na Legas sai ya raba farashinta gida hamsin, sannan ya mayar da shi naira. Wanda ya manta da rabawar, lissafinsa zai kauce ninki hamsin.

Akwai kuma kamfanin da ke da aji biyu na hannun jari a kasuwa ɗaya. Alphabet, uwar Google, tana da GOOGL mai ƙuri'a da GOOG marar ƙuri'a. Wannan a Amurka aka fi ganinsa. A Legas abin da ya fi kusa da shi shi ne lokacin da kamfani ya ba masu hannun jarinsa haƙƙin sayen ƙari, ko ya fitar da takardar bashi: kowanne ana ba shi tasa tikar, kuma mai takardar bashi mai bin kamfani ne, ba mai mallakarsa ba.

Sannan akwai bambancin da na rubutu ne kawai. Kamfanonin da ke tattara farashin duniya suna ƙara wa tika wutsiya don nuna kasuwa, kowa da salonsa:

```
DANGCEM.LG   DANGCEM NL   (Legas)
AAF.L        AAF LN       (Landan)
```

Na hagu salon Reuters ne, na dama na Bloomberg. Wutsiyar ba ta cikin tikar da ake ba dillali. A lura da kusancin LG da LN da NL. Harafi ɗaya ne tsakanin Legas da Landan, kuma NL a nan ba ƙasar Holan take nufi ba.

Tikar da ta tsufa

Dalili na ƙarshe shi ne lokaci, kuma shi ne ya fi shafar iyalai. Tika tana sauyawa idan kamfani ya sauya suna ko tsari. GUARANTY ta koma GTCO a 2021, ACCESS ta koma ACCESSCORP a 2022, FBNH ta koma FIRSTHOLDCO a 2025. Kamfanin siminti na Sakkwato, CCNN, ya haɗe da wani kamfanin rukunin BUA, aka haifi BUACEMENT, wanda ya shiga kasuwa a watan Janairu na 2020. Wani kamfanin kuma fita yake yi ɗungurungum, kamar kamfanin fulawa na Dangote da Olam ta saye a 2019.

A Kaduna, garin tsofaffin ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da na masaƙu, ba abin mamaki ba ne magada su buɗe akwatin mahaifinsu su tarar da satifiket ɗin hannun jari, takarda mai kauri da hatimi, ta yi ja-ja saboda daɗewa. Sukan rubuta sunan da ke kai a waya, ba su ga komai ba, su ce kamfanin ya mutu, su mayar da ita akwati ko su yar. Wannan gaggawa ce da ke iya cinye haƙƙin marayu. Rashin ganin tsohon suna a jerin yau ba ya nufin dukiyar ta salwanta. Sau da yawa tana nan da sabon suna, har da ribar shekaru da ba a karɓa ba.

Matakin da ake bi shi ne a kwafe cikakken sunan kamfanin da lambar satifiket da sunan magatakardan hannun jari, wanda dillalai ke kira rajistara, kamar yadda suke a takardar. A kai wa dillali mai lasisi, wanda ana iya tabbatar da sunansa a jerin hukumar SEC, ya bi sawun sunan: wa ya haɗiye kamfanin, a wace shekara, kuma hannun jari nawa na sabo aka bayar a madadin na tsoho. Wannan adadi na musaya shi ne ke faɗin abin da magada suka mallaka yau, domin ɗari na tsohon kamfani ba lallai ya zama ɗari na sabon ba. Idan kuwa saye kamfanin aka yi aka fitar da shi daga kasuwa, akan biya masu hannun jari kuɗi, kuma wurin rajistara ake tambayar kason wanda bai karɓa ba. Rajistara zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ta ba magada ikon kula da dukiyar, kafin ya mayar da hannun jarin sunansu a asusun CSCS, ƙarƙashin tikar da kamfanin ke amfani da ita a yanzu.